Riba a takarda, kuɗi a asusu: tambayoyi da amsoshi kan hanyar zagaye ta haɗa bayanin shige da ficen kuɗi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga bakin ɗaliban akanta, da masu riƙe littafin kuɗi a kamfanoni, da masu kamfanin su kansu idan odita ya miƙa musu rahoton shekara. Na bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato wani kamfanin casar shinkafa da na ƙaga domin bayani, wanda yake rufe littafinsa ran 31 ga Disamba. Duk alƙaluman da ke ciki na misali ne, kuma da miliyoyin naira ake lissafa su.

1. Mece ce hanyar zagaye, kuma me ya raba ta da hanyar kai tsaye?

Bayanin shige da ficen kuɗi yana da sassa uku: kuɗin da harkar yau da kullum ta samar, kuɗin da aka sa ko aka samu wajen saye da sayar da kadarori masu daɗewa, sai kuɗin da ya shiga ko ya fita tsakanin kamfani da masu jari da masu ba shi rance. Bambancin hanyoyin biyu yana cikin sashen farko ne kaɗai. Sauran sassan biyu iri ɗaya ne ko wace hanya ka bi.

A hanyar kai tsaye kana jera abin da ya faru a asusu ne: ga abin da masu saye suka biya, ga abin da aka biya masu kawo kaya, ga albashi. A hanyar zagaye kuwa kana farawa da ribar da lissafin riba da asara ya nuna, sannan ka riƙa gyara ta layi bayan layi har ka iso ga tsabar kuɗi. Jimillar ƙarshe dole ta zo ɗaya. Ma'aunin akanta na duniya da ya tsara wannan bayani, wato IAS 7, wanda aka fitar a sigarsa ta yanzu a 1992, ya halatta duka biyun, har ma ya ƙarfafa gwiwar a bi ta kai tsaye, amma yawancin kamfanoni ta zagaye suke bi. Dalili a fili yake: ana iya haɗa ta daga lissafin riba da asara da takardar kadara da bashi ta shekara biyu, ba sai an tsefe kowane biya da ya ratsa banki ba. Tana kuma amsa tambayar da mai kamfani ya fi damuwa da ita, wadda ita ce ta biyu a nan.

2. Littafi ya ce mun ci ribar miliyan 48, to ina kuɗin suke?

Riba ba ƙirgen kuɗin da ke hannu ba ce. Ana rubuta ciniki ranar da kaya suka bar sito zuwa hannun mai saye, ko ya biya ko bai biya ba. Ana rubuta kashewa ranar da ta hau kan kamfani, ko an fitar da kuɗin ko ba a fitar ba. Shanshera da aka saya da kaka aka jibge a sito kuwa ba ta shiga lissafin riba sai an cashe ta an sayar, alhali kuɗinta sun daɗe da fita.

Saboda haka tsakanin riba da tsabar kuɗi akwai giɓi iri uku, kuma hanyar zagaye cike su take yi ɗaya bayan ɗaya. Akwai abin da ya rage ko ya ƙara riba ba tare da ko kwabo ya motsa ba, kamar ragin tsufan inji (tambaya ta 4). Akwai abin da ya taɓa riba amma kuɗinsa na wani sashe ne, kamar ribar sayar da tsohuwar mota (tambaya ta 5). Akwai kuma kuɗin da suka maƙale a haja da bashin da ake bin mutane, ko suka tsaya a hannunmu domin ba mu biya namu ba tukuna, abin da ake kira kuɗin juyawa (tambaya ta 6). A misalinmu, daga ribar 48 kuɗi 8 ne kawai suka rage bayan an bi waɗannan matakai, kuma babu wanda ya ci ko sisi.

3. Yaya cikakken lissafin yake idan an jera shi?

Ga sashen harkar yau da kullum na kamfanin namu. Alamar ragi tana nufin an cire, inda babu ita an ƙara.

| Layi | Miliyan naira |
|---|---|
| Riba kafin haraji | 48 |
| Ragin tsufan kadarori | 14 |
| Ribar sayar da babbar mota | -3 |
| Kuɗin ruwan da aka rubuta a shekarar | 9 |
| Asarar canji a kan rancen dala da ba a biya ba | 4 |
| Jimilla kafin kuɗin juyawa | 72 |
| Ƙaruwar haja | -35 |
| Ƙaruwar bashin da muke bin masu saye | -22 |
| Ƙaruwar bashin da masu kawo kaya ke bin mu | 11 |
| Kuɗin da harkar ta samar | 26 |
| Kuɗin ruwan da aka biya | -7 |
| Harajin da aka biya | -11 |
| Abin da ya rage daga harkar yau da kullum | 8 |

Ka lura da lambobi uku: 72, da 26, da 8. Ta farko tana nuna ƙarfin sana'ar kanta, wato abin da casa da sayarwa za su bari da a ce kowa hannu da hannu yake biya. Ta biyu tana nuna abin da ya tsira bayan sito da 'yan sari sun ɗauki nasu. Ta uku ita ce abin da mai kamfani zai iya taɓawa don sayen sabon inji ko raba riba ba tare da ya ci bashi ba. Tambayoyin da ke biye suna ɗaukar layukan ne ɗaya ɗaya.

4. Me ya sa ake mayar da ragin tsufa a kan riba? Yana kawo kuɗi ne?

Ba ya kawo ko kwabo, kuma wannan rashin fahimta ce da na sha ji har daga bakin waɗanda suka daɗe a aikin. Injin casa da aka saya shekaru huɗu da suka wuce an biya kuɗinsa tun a lokacin, kuma an nuna fitar kuɗin a sashen kadarori na waccan shekara. Abin da akanta yake yi kowace shekara shi ne ya yanki wani kaso na farashin injin ya ɗora wa ribar shekarar, domin injin yana cinyewa da aiki. Wannan 14 ɗin ta rage riba a takarda, amma babu cekin da aka rubuta wa kowa dominta. Mayar da ita soke ragin ne kawai.

Hanyar gane haka mai sauƙi ce. Ka ɗauka akanta ya sauya ƙiyasin shekarun injin, ragin tsufa ya zama 20 maimakon 14. Riba kafin haraji za ta sauka zuwa 42, abin da za a mayar ya hau zuwa 20, jimilla ta tsaya a 62 kamar yadda 48 da 14 suka ba da 62. Kuɗin asusu bai san an yi wani sauyi ba.

Wurin da ake yin kuskure shi ne inda ake ɗauko adadin. A masana'anta, ragin tsufan injuna yakan shige cikin kuɗin sarrafa kaya, na motocin ofis da kujeru kuma yana cikin kuɗin gudanarwa. Wanda ya duba fuskar lissafin riba kaɗai zai ɗauko ɓangare ya bar ɓangare. Ka je jadawalin kadarori ka ɗauko jimillar ragin shekarar daga can.

5. Mun sayar da mota mun karɓi miliyan 8. Don me ake cire 3 daga riba?

An sayi motar a kan 20, an yi mata ragin tsufa na 15 a tsawon shekarunta, saura 5 a littafi. Da aka sayar da ita 8, sai bambancin 3 ya shiga lissafin riba. Amma kuɗin da suka shigo asusu 8 ne cif, kuma sayar da mota ba sana'ar kamfanin shinkafa ba ce. Don haka duka 8 ɗin ana nuna su a sashen kadarori. Idan aka bar 3 a cikin ribar da aka fara da ita, an ƙirga ta sau biyu ke nan, sau ɗaya a sama, sau ɗaya a cikin 8.

Da a ce 4 aka sayar da ita, da an yi asarar 1. A nan sai a mayar da 1 ɗin a kan riba, a nuna 4 a sashen kadarori.

6. Ta yaya zan tuna ko ƙarawa ake yi ko cirewa a haja da basussuka?

Kada ka haddace alama, ka tambayi kanka inda kuɗin suke kwance. Haja ta tashi daga 60 zuwa 95, wato akwai ƙarin 35 da suka bar asusu suka zama buhuna a sito, kuma lissafin riba bai san da su ba tunda ba a sayar ba. Sai a cire. Bashin da muke bin 'yan sari ya tashi daga 40 zuwa 62, wato a cikin cinikin da aka rubuta akwai ƙarin 22 da har yanzu suna aljihun mutane. Sai a cire. Bashin da dillalan shanshera da masu buhu ke bin mu ya tashi daga 30 zuwa 41, wato mun karɓi ƙarin kayan 11 ba mu biya ba, kuɗin suna nan a hannunmu. Sai a ƙara. Idan ɗayansu ya ragu a maimakon ƙaruwa, alamar ta juya.

Abin da ake ɗauka shi ne bambancin farkon shekara da ƙarshenta, ba adadin ƙarshen shekara ba. Kafin alƙalamin da 'yan sari suka ajiye don a tanadar musu kaya yana bin tsarin bashin da ake bin mu, haya ko inshorar da muka biya tun kafin lokaci kuma tana bin tsarin bashin da muke bi.

7. Takardar kadara da bashi ta nuna ana bin mu 47, me ya sa aka yi amfani da 41?

Domin a cikin 47 ɗin akwai 6 na sabon janareta da aka kawo a Disamba, ba a biya ba sai bayan sabuwar shekara. Mai riƙe littafi ya zuba shi cikin masu bin kamfani bashi, kuma bai yi laifi ba, bashi ne. Sai dai ba bashin harkar yau da kullum ba ne, bashin kadara ne. Wanda ya ɗauki 47 ya cire 30 zai samu 17, ya kumbura kuɗin harka da 6 da ba su da alaƙa da shinkafa.

Abin da ke sa wannan kuskure ya ɓuya shi ne yana zuwa da ɗan'uwansa. Jadawalin kadarori ya nuna an ƙara kadarorin 26 a shekarar, har da janaretan. Idan ka rubuta cewa an kashe 26 a sashen kadarori alhali 20 aka biya, sai ƙarin 6 na sama da ragin 6 na ƙasa su cinye juna, jimillar bayanin ta yi daidai da banki, kai kuma ka ɗauka ka gama. Kuɗin harka sun fito 14 maimakon 8, kusan ninki biyu, kuma wannan ita ce lambar da ma'aikacin banki zai fara dubawa idan aka je neman rance. Ni da kaina na taɓa miƙa bayani da irin wannan kuskure a farkon aikina, sai da wata odita ta zauna da jerin sunayen masu bin kamfanin bashi tana bi da biro, ta tsaya a kan sunan mai sayar da injuna ta ce, "Malam, wannan shi ma shanshera yake kawo muku?" Tun daga ranar ba na ɗaukar jimillar layin nan sai na buɗe jerin da ke bayansa.

Haka nan sai a tsame kuɗin ruwan da ba a biya ba, da harajin riba da ake bin kamfani, da rabon ribar da aka ayyana ba a raba ba. Kowannensu yana da nasa gurbin, kamar yadda yake a tambaya ta 8 da ta 9 da ta 12.

8. Me ya sa ake mayar da kuɗin ruwa 9 a sama, sannan a cire 7 a ƙasa?

Domin abin da aka rubuta daban, abin da aka biya daban, kuma IAS 7 yana son a nuna abin da aka biya a layinsa shi kaɗai. A farkon shekara banki yana bin mu ruwan 1 da ya rage daga bara. A cikin shekara an ɗora mana 9. A ƙarshen shekara ana bin mu 3. To 1 da 9 sun zama 10, a cire 3 da ba a biya ba, abin da ya fita 7 ne. Ana fara mayar da 9 gaba ɗaya don a goge sawunta daga riba, sannan a saka ainihin abin da ya bar asusu.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa sukan tambaya ko wannan ya shafe su. Ya shafe su, domin ribar da banki ya ɗora a murabaha mai jinkirin biya, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin riba, ana rarraba ta a littafin kamfani a kan watannin biya, kuma abin da aka rubuta a shekara ba lallai ya yi daidai da abin da aka biya ba. Akwai ƙari guda: idan bankin ne ya sayi injin ya miƙa wa kamfani, kuɗi ba su ratsa asusun kamfani ba. Ba a rubuta shigar rance da fitar kuɗin inji a ranar, sai dai a bayyana cinikin a cikin bayanan da ke rakiyar rahoto, a riƙa nuna biyan da ake yi daga baya a sashen jari da rance.

9. Yaya ake gano harajin da aka biya a zahiri?

Da irin lissafin tambaya ta 8. Ana bin kamfani harajin 10 a farkon shekara, harajin ribar bana 14 ne, ana bin sa 13 a ƙarshe. 10 da 14 sun zama 24, a cire 13, an biya 11. Wannan ne ya sa ake farawa da riba kafin haraji. Wanda ya fara da riba bayan haraji, wato 34, sai ya mayar da 14 tukuna kafin ya ci gaba.

Abubuwa biyu sukan karkatar da wannan adadi. Harajin da aka jinkirta a lissafi, wanda ke tasowa daga bambancin ragin tsufa na littafi da rangwamen da dokar haraji ta yarda da shi, ba kuɗi ba ne da aka biya kowa, saboda haka ko dai ka bar shi a waje gaba ɗaya, ko ka haɗa farkonsa da ƙarshensa cikin lissafin tare da cikakken adadin harajin shekara. Na biyu kuma sananne ne ga duk wanda ke sayar wa hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni a Najeriya: sukan cire haraji tun daga tushe kafin su biya ka, a ba ka shaidar cirewa. Idan ka yi amfani da shaidar nan ka rage harajin da ake bin ka, bashin ya sauka amma kuɗi ba su fita daga asusunka a ranar ba. Ka duba takardun banki ka tabbatar nawa aka tura wa hukumar haraji, sauran kuma ka daidaita shi da asusun da aka tara shaidun a ciki, don kada ya fito a wuri biyu.

10. Bashin da muke shakkar za a biya, ana mayar da tanadinsa a kan riba?

Ya danganta da adadin bashin da ka yi amfani da shi, kuma hanya ɗaya za ka riƙe. A misalinmu 'yan sari suna riƙe da 42 a farkon shekara, an ware tanadin 2 don waɗanda ake shakka, saura 40. A ƙarshe suna riƙe da 67, tanadi ya zama 5, saura 62. Ƙarin tanadin 3 ya riga ya rage riba.

Idan ka ɗauki adadin bayan tanadi, 40 zuwa 62, ka cire 22 ka wuce, ba ka mayar da komai ba, kamar yadda aka yi a jadawalin tambaya ta 3. Idan kana son tanadin ya fito a layinsa, sai ka mayar da 3 a sama, ka cire 25 a ƙasa, wato 42 zuwa 67. Duka biyun 22 suke bayarwa. Kuskuren shi ne a mayar da 3 sannan a cire 22, a nan bayanin zai ƙi daidaita da 3 cif. Ni na fi son hanya ta biyu, domin tana nuna wa mai karatu cewa 25 ne suka ƙara maƙalewa a waje. Haja da ta lalace aka rage darajarta, kamar shinkafar da danshi ya kama, tana bin wannan ƙa'ida.

11. Asarar canjin kuɗi fa, duk ana mayar da ita?

A'a, sai wadda ba ta tabbata da biya ba, kuma sai an duba a kan me ta faɗa. Kamfaninmu yana da rancen dala da ya sayi inji da shi. A ƙarshen shekara aka sake auna rancen da farashin dala na ranar, sai ya ƙaru da naira miliyan 4. An rubuta asara, amma ba a biya komai ba, kuma rance ba ya cikin kuɗin juyawa, don haka babu layin da zai gyara shi da kansa. Dole a mayar da 4 ɗin, kuma kada a nuna ta a sashen rance a matsayin sabon kuɗin da aka karɓa. Kamfanonin Najeriya da yawa sun ga wannan ƙuru-ƙuru bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, inda wasu suka bayyana asara mai nauyi a takarda alhali harkarsu ta ci gaba da samar da kuɗi.

Idan kuwa asarar ta faɗa kan bashin mai kawo kayan gyara daga waje, tana cikin ƙaruwar bashin da ake bin mu, kuma ta gyara kanta a can. Mayar da ita daban ba tare da cire ta daga ƙaruwar ba irin kuskuren tambaya ta 10 ne. Dalar da ke kwance a asusun kamfani kuma, sauyin darajarta yana da layinsa a can ƙasan bayanin, bayan sassa ukun.

12. Na gama amma bai yi daidai da banki ba. Daga ina zan fara nema?

Da farko ka san abin da kake nema. A misalinmu harka ta bar 8. Sashen kadarori ya karɓi 8 na mota ya biya 20, ya fita da 12. Sashen jari da rance ya karɓi sabon rancen 15 ya raba ribar 10, ya shigo da 5. Jimilla ita ce ƙarin 1, kuma kuɗi sun tashi daga 12 zuwa 13. Ka tabbatar ma'anar kuɗi ɗaya ce a farko da ƙarshe: na akwati, na banki, da ajiyar da wa'adinta bai wuce kamar wata uku ba daga ranar da aka yi ta. Asusun da banki ya yarda a zarce abin da ke ciki, in dai yana iya neman kuɗinsa a kowane lokaci kuma asusun yana hawa da sauka a harkar kullum, ana iya haɗa shi a nan da alamar ragi.

Sai ka dubi girman giɓin. Idan ka raba shi biyu ya ba da wani adadi da ke cikin bayanin, alama ka juya. Giɓin 6 yana nuna ka ƙara ribar mota 3 maimakon cirewa, giɓin 22 yana iya nuna ka cire 11 na masu kawo kaya maimakon ƙarawa. Idan giɓin ya yi daidai da wani adadi kai tsaye, ka manta shi ne ko ka sa shi sau biyu. Hanyar da ba ta ba ni kunya ita ce in jera kowane layi na takardar kadara da bashi a Excel, bara a B, bana a C, bambanci a D, sannan in rarraba bambancin zuwa ginshiƙan E zuwa H gwargwadon inda ya tafi. Layin da wannan bai ba da sifili ba, a nan matsalar take:

```
=D5-SUM(E5:H5)
```

Kada ka ƙirƙiri layin "sauran abubuwa" ka zuba giɓin a ciki. Kuma ka tuna daidaitawa da banki ba ta wanke ka daga kuskuren tambaya ta 7 ba.

13. Riba 48, kuɗi 8: wannan alamar kamfani yana cikin matsala ne?

Lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an buɗe layukan da suka cinye kuɗin. Mu ɗauki haja. Wani zai ce ai Disamba bayan kaka ce, dole sito ya cika. Gaskiya ne, amma bara ma a Disamba aka rufe littafi, don haka yanayin kaka yana cikin lambobin biyu, ba shi ya kawo ƙarin 35 ba. Sai a ƙirga buhu. A ce bara buhu 1,500 ne a kan naira 40,000, bana buhu 1,900 a kan naira 50,000. Ƙarin buhu 400 ya ci miliyan 20, wannan faɗaɗa harka ce da mai kamfani ya zaɓa, zai iya kuma ja da baya. Sauran miliyan 15 tsadar kaya ce zalla: buhunan bara ne a sabon farashi. Wannan kaso shi ne ya fi damuna, domin ba zai dawo ba muddin ana son a ci gaba da casa kamar da, kuma ribar da ke takarda tana ɗauke da shi kamar abin da za a iya rabawa.

Sai bashin 'yan sari. Ya ƙaru da fiye da rabi. Idan ciniki ma ya ƙaru da kusan haka, tafiyar ɗaya ce. Idan ciniki ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kawai, to ko dai ana tura kaya ga waɗanda ba sa biya da wuri, ko an rubuta cinikin ƙarshen Disamba da bai kammala ba. A nemi jerin masu bashin da kwanakin da kowa ya yi. Ƙarin 11 na masu kawo kaya kuma aro ne na ɗan lokaci, dillali zai zo karɓar kuɗinsa a Janairu.

Abu na ƙarshe da zan nuna wa mai wannan kamfani shi ne ya raba ribar 10 a shekarar da harka ta bar masa 8, ya kuma biya 20 na injuna. Rancen 15 da kuɗin mota ne suka rufe giɓin. Shekara ɗaya ana iya jure wannan. Idan aka jera bayanin shekara uku aka ga riba tana hawa, kuɗin harka suna ƙasa da ita da nisa kowace shekara, rance kuma yana ƙaruwa, lokacin zama da masu jari ya yi.

14. Tsarin nan ɗaya ne a Najeriya da Nijar, kuma zai sauya nan gaba?

A Najeriya kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sun koma ma'aunan akanta na duniya da ake kira IFRS daga 2012, don haka IAS 7 suke bi, ƙananan kamfanoni masu bin ma'aunin da aka sauƙaƙa musu kuma suna samun kusan wannan tsari a sashe na 7 na nasu. A Nijar da Kamaru da Chadi tsarin akanta da ake kira SYSCOHADA ake bi, kuma tun da gyararren tsarin ya fara aiki a Janairun 2018, jadawalin shige da ficen kuɗi da ake kira TFT ya maye gurbin tsohon jadawalin da ake kira TAFIRE. TFT ba daga riba kafin haraji yake farawa ba, yana farawa ne daga adadin da ake kira CAFG, wato abin da harka ta samar bayan an riga an tsame ragin tsufa da makamantansa, sannan a gyara da sauyin haja da basussuka kamar a tambaya ta 6.

Sauyi yana tafe ga masu bin IFRS. Ma'aunin IFRS 18, wanda aka fitar a Afrilun 2024 kuma zai fara aiki daga 1 ga Janairun 2027, ya gyara IAS 7 a wurare biyu da suka shafe mu. Hanyar zagaye za ta fara daga ribar gudanar da harka maimakon riba kafin haraji. An kuma cire zaɓin da ake da shi a kan kuɗin ruwa: ga kamfanin da ba ba da rance ko zuba jari ne sana'arsa ba, ruwan da aka biya zai tafi sashen jari da rance. A misalinmu za a fara da 61, wato 48 da 9 na ruwa da 4 na canjin rance, a ƙara 14 a cire 3, a iso ga 72 ɗin nan dai. Daga 26 kuma haraji 11 kawai za a cire, kuɗin harka su zama 15 a maimakon 8, sashen jari da rance ya koma fitar 2 a maimakon shigar 5. Wanda zai kwatanta bayanin 2027 da na shekarun baya sai ya fara duba sashen da aka ajiye kuɗin ruwa a kowannensu.